Takardar neman a sake duba jarrabawa: 0.255 ne ko 0.225?

Ummi Gwammaja: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kafin gobe Litinin. An raba mana takardun jarrabawar tsakiyar zango ta darasin gadon halitta, maki 30 ce, na samu 17. Tambaya ta uku ce ta kayar da ni, maki 10 gare ta aka ba ni 4. Ga yadda take: an gwada jinin jarirai 10,000 aka samu 225 SS ne. A ɗauka ƙa'idar Hardy-Weinberg, wadda ake lissafin rabon ƙwayoyin gado a cikin al'umma da ita, tana aiki. (a) a nemo q, wato kason ƙwayar S a cikin jama'a, (b) a nemo p, wato kason ƙwayar A, da yawan masu AA, (c) a nemo yawan masu AS, (d) namiji da mace da ba su da sikila, ba su san jinotayif ɗinsu ba, suka yi aure, mene ne yiwuwar ɗansu na fari ya zo SS.

Ni na rubuta q = 0.15, p = 0.85, AA mutum 7,225. Waɗannan an ba ni makinsu. A (c) na samu 2pq = 0.255, wato mutum 2,550, sai aka ja jan biro a kai aka rubuta 0.225 a gefe. A (d) na samu 0.0163, shi ma aka soke aka rubuta 0.0127. Na danna kalkuleta har ta kusa yin magana, 0.255 take ba ni. Ga abin da na rubuta wa malamin, da Turanci zan kai amma ma'anarsa ke nan:

"Ranka ya daɗe, na rubuto ne in koka kan rashin adalcin da aka yi min wajen duba takardata. Amsata daidai ce, kuskuren daga wajenku yake. Na yi karatu dare da rana, kuma wannan maki zai iya jawo min faɗuwa. Ina neman a mayar min da makina guda shida. Na aika kwafin wannan takarda ga shugaban sashe."

Ya kuka gani?

Nura Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga abin gyarawa ba. Haƙƙinki ne. Ki ma ƙara da kwafi zuwa ofishin shugaban tsangaya, su san ana ganinsu.

Kawu Iliya: Ke 'yar nan, a bar kaza cikin gashinta. Maki shida ne za ki sa malami ya riƙe sunanki a kai? Babbar jarrabawa tana gaba, kuma shi ne dai zai duba ta. Ki ƙara ƙwazo can ki cike gurbin.

Maman Hanif: Wallahi ki sake gwadawa a wani wurin, kada ki yarda da sakamako ɗaya. Ni haka aka yi min kafin aurena, wani ɗakin gwaji ya ba ni AA, na je awon ciki aka ce AS ce. Allah ne ya taimake ni Baban Hanif AA ne.

Ummi Gwammaja: Anti ba gwajin jini ba ne, jarrabawar makaranta ce. Jariran ma na cikin tambaya ne kawai.

Maman Hanif: Au! Na ga SS da AS ne hankalina ya tashi. To Allah ya ba da sa'a.

Malam Habu: Ummi, kafin mu je ga takarda bari mu tabbatar da ƙasan da kike tsaye a kai. Na yi lissafin da hannu. 225 cikin 10,000 shi ne 0.0225, wannan ne q². Lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 0.15, saboda haka p ya zama 0.85. Idan aka ninka 0.85 da 0.15 za a samu 0.1275, a ninka sau biyu ya zama 0.255. A (c) ke ce da gaskiya, babu ja.

Amma kada ki ce masa "kalkuletata ta ba ni." Shi ma yana da tasa, kuma ya yi imani ya danna ta. Akwai hujjar da ba ta buƙatar danna komai. Kowane jariri a cikin dubu goman nan dole ya faɗa ɗaya daga gida uku, AA ko AS ko SS, domin tambayar ba ta ba da gida na huɗu ba. To a tara:

```
7225 + 2550 + 225 = 10000
7225 + 2250 + 225 = 9700
```

Da amsar da aka rubuta da jan biro, jarirai 300 sun ɓace, ba su AA, ba su AS, ba su SS. Duk malamin da ya ga waɗannan layuka biyu ya gama fahimta kafin ya kai ƙarshen shafi. Kuma ina jin na ga inda ƙafa ta zame. Tambayar cike take da 225, ga 225 na jarirai, ga 0.0225, ga 7,225. Mutum yana rubuta jadawalin amsa da dare, hannu ya saba, sai 0.255 ta fito 0.225. Daga nan kuskuren ya gangara (d), domin idan kika ninka 0.225 da kanta kika raba gida huɗu, 0.0127 ɗin nan za ki samu cif. Wato zamewa ɗaya ce ta ci wuri biyu.

Ummi Gwammaja: Allah ya saka da alheri Malam. Ban ma yi tunanin tarawa ba. To ke nan duka shidan nawa ne.

Malam Habu: Dakata tukuna, ban ce haka ba. Zan dawo kan (d), ina kan hanya ne, cunkoson Kabuga ya riƙe ni.

Nura Ɗan Fagge: Kafin Malam ya dawo, ni fa ina ganin ku duka biyun ba ku samu (d) ba, ke da malamin naku. Na yi wannan darasin. Ai ma'anar Hardy-Weinberg ke nan, abin da aka samu a wannan zuriya shi za a samu a mai zuwa. Idan 0.0225 na jarirai SS ne yanzu, to duk auren da aka ɗaura a wannan al'umma yiwuwar SS 0.0225 ne. Ba sai an yi wani dogon lissafi ba.

Anti Bilki: Nura ka sake karanta tambayar. Ba a ce kowane aure ba, an ce su biyun ba su da sikila.

Nura Ɗan Fagge: To me ya canza? Ai ƙwayar S ɗin dai tana nan a cikin jama'a yadda take.

Malam Habu: Na iso. Nura, rabin maganarka daidai ce. Idan aka rufe ido aka ɗauko namiji da mace daga cikin kowa da kowa, har da masu SS, to 0.0225 ce amsa. Sai dai wannan lamba ba daga auren AS da AS kaɗai take fitowa ba. Hanya uku ce take haifar da SS. AS da AS su ne suke ba da 0.0163 ɗin da Ummi ta samu. AS da SS, ko mijin ne SS ko matar, suna ba da 0.0057. SS da SS kuma 0.0005. Tara su ka gani, 0.0225 ce. Tambayar ta toshe hanyoyi biyu na ƙarshe da ta ce ma'auratan ba su da sikila, saboda haka amsarka ta yi yawa.

Yanzu ke Ummi. Da aka ce ba su da sikila, an fitar da mutum 225 daga cikin waɗanda za a zaɓa. Saura 9,775. Masu AS ɗin nan 2,550 a cikin waɗannan za a auna su, ba a cikin dubu goma ba. 2,550 a raba da 9,775 ya ba da 0.2609. A ninka da kanta, a raba huɗu, a samu 0.0170. Ke kin yi amfani da 0.255 kai tsaye, kin samu 0.0163. Idan da ni nake dubawa, zan ba ki makin hanya, domin kin san sai duka iyayen sun zama AS, kin kuma san ɗaya cikin huɗu ne. Makin amsa kuwa sai na yi tunani.

Ummi Gwammaja: Amma Malam haka ya koyar da mu a aji. Yana nan a littafina, misalin zabiya ya yi mana, 2pq ya ɗauka ya ninka da 2pq ya ninka da 1/4, bai raba da komai ba. Kuma amsarsa ta 0.0127 ta nuna hanyar da ya bi ke nan.

Malam Habu: Na yarda haka ya koyar, kuma a misalin zabiya ba laifi. Idan abu yana da wuyar samu, a ce mutum ɗaya cikin dubu goma, to fitar da shi daga lissafi ba ya motsa komai, 9,999 da 10,000 kusan ɗaya ne. Shi ya sa littattafai da yawa suke bin gajeriyar hanyar. Sikila a ƙasar nan ba haka take ba, tana da yawan da idan ka yi watsi da masu ita sai amsa ta gusa. Bambancin 0.0163 da 0.0170 ƙarami ne, amma na gaske ne.

Abin da hakan yake nufi ga takardarki: (c) ki tsaya a kai da ƙafa biyu. (d) kuwa ki ce ta dogara ne a kan (c), ki roƙi a sake kallonta, kada ki rubuta "amsata daidai ce." Kuma ki cire "guda shida." Ba ke ce za ki ƙidaya masa makin ba.

Nura Ɗan Fagge: Ni har yanzu ina ganin da an rubuta 0.0225 da an samu wani abu. Amma dai na ji.

Sadiku Kilas-raf: Ni bari in yi magana a kan abin da na sani, domin shekara biyu ina wakilcin aji. Ummi, layin nan na "na aika kwafi ga shugaban sashe" shi ne zai kashe miki magana. Kin kai ƙarar mutum kafin ki gaishe shi. Da zarar ya ga haka, ya daina tunanin 2pq, ya koma tunanin yadda zai kare kansa a gaban shugabansa. Kuma shugaban sashen abin da zai fara tambayarki shi ne, kin ga malamin darasin? Idan kika ce a'a, can zai mayar da ke, kin ga kin koma wajen wanda kika riga kika ɓata wa rai.

Na biyu, ki gode wa Allah jarrabawar tsakiyar zango ce kuma takardar tana hannunki. Ni tawa babbar jarrabawa ce. A inda na yi karatu ba a ba ka takardarka, sai ka rubuta a hukumance, ka biya kuɗin sake dubawa, a kai wa wani malamin daban, ka yi ta jira. Sakamako idan ya riga ya bi ta taron sashe da na tsangaya ya kai majalisar jami'a, canza lamba ɗaya sai an sake bin wannan hanyar. Har na shiga aji na gaba maganar ba ta fito ba. Ke kuwa yanzu makin yana cikin takardar malam ko kwamfutarsa, bai miƙa wa jami'in jarrabawa ba. Gyaran minti biyu ne. Saboda haka gobe ki je, kada ki bari sati ya zagayo.

Kawu Iliya: To ai ga shi ka faɗa da bakinka, wahala ce. Mu a zamaninmu abin da malam ya ba ka shi ke nan.

Anti Bilki: Kawu, da girmanka, maki uku ma yana raba 59 da 62, wato C da B. Yana raba 38 da 41, wato mai maimaita darasi da wanda ya wuce. Kuma ba makin kaɗai ba ne. Aji guda fa aka nuna wa cewa 0.225 ce amsa. Irin tambayar nan tana iya dawowa a babbar jarrabawa, yara su haddace kuskure su kai masa.

Ni abin da ya fi ba ni sha'awa, lambobin da malamin ya zaɓa ba daga sama ya ɗauko su ba. Abin da aka saba faɗa a ƙasar nan shi ne kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma wajen jarirai biyu cikin ɗari ake haifa da sikila. 0.255 ɗin ta zauna daidai da abin da muke gani a wurin aiki. Sai dai a ɗakin gwaji gida uku ba sa isa, muna ganin AC da SC jefi-jefi, ko da yake sun fi yawa a ƙasar Yarbawa. Kada wani ya ɗauki lissafin allo ya ce shi ne Kano.

Nura Ɗan Fagge: Yauwa Anti! Ai shi ya sa na ce tambayar ma kanta ba ta tsaya ba. Hardy-Weinberg sai inda ake aure ba zaɓe. Mu nan ga auren zumunci, ga dokar gwaji kafin aure da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024, ga zazzaɓin cizon sauro da AS suka fi jure wa. Ummi ki sa wannan a takardar, ki nuna masa tambayar ce gurguwa, a soke ta a ba kowa maki goma.

Malam Habu: Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, Nura, kuma ko ɗaya kada ya shiga takardar. Tun 1908 da Hardy da Weinberg suka fitar da ƙa'idar kowa ya san ma'auni ce, ba a taɓa samun garin da ya cika sharuɗɗanta duka ba. Shi ya sa tambayar ta ce "a ɗauka." Malamin ya riga ya rufe wannan ƙofa. Idan Ummi ta buɗe ta, ta ba shi abin da zai yi musu a kai na awa guda kuma ya yi nasara, a manta da jarirai 300 ɗin da ba shi da amsarsu. Auren zumunci da dokar gwaji ta ajiye su sai ranar da aka ce a tattauna dalilan da suke karya ƙa'idar, a nan za su yi mata rana.

Ummi Gwammaja: Akwai wani abu kuma da ban faɗa ba. Ƙawata ita ma 2,550 ta rubuta, kuma an ba ta makinta cikakke a (c). Rubutun jan biron takardarta daban ne da na tawa. In haɗa da hoton tata?

Sadiku Kilas-raf: A'a! Kada ki kuskura. Wannan ya nuna ba shi kaɗai ya duba ba, ya raba wa mataimakansa ne, kamar yadda ake yi idan aji ya yi yawa. Ɗaya ya bi jadawalin amsa ido rufe, ɗaya ya lura ya gyara a nasa kason bai gaya wa kowa ba. Idan kika kai takardar ƙawarki, abu biyu na iya faruwa. Ko a ce an yi mata kyauta a zare, ko kuma a fara tambayar yadda aka yi amsarku ta zo iri ɗaya, alhali amsa daidai dole ta zo iri ɗaya. Kin jefa ta cikin abin da ba ta nema ba. Hujjarki ba ta buƙatar takardar kowa.

Anti Bilki: Amma Sadiku ai wannan ya nuna ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Me zai hana wakilin ajinsu ya kai maganar da sunan kowa? Ta huta da tsoron da Kawu yake ji mata.

Sadiku Kilas-raf: Na taɓa yin haka, Anti. Da zarar ka ce "aji ne suka aiko ni," sai ya zama kamar zanga-zanga. Kuma cikin masu binka akwai wanda bai ma amsa tambayar ba, ya ji ana rabon maki ne. Ni na fi son mutum ɗaya mai takarda tsaf ya je. Malamin kirki da kansa zai ce a dawo da sauran.

Anti Bilki: Idan kuma ba na kirkin ba ne, ya gyara mata ita kaɗai ya yi shiru fa? Sauran su ci kansu?

Sadiku Kilas-raf: To sai wakilin aji ya shiga a lokacin, yana da misali a hannu. Amma ba shi zai fara ba.

Anti Bilki: Ban gamsu ba, amma ba ni ce zan je ofis ɗin ba.

Malam Habu: Layi ɗaya zai ɗauki damuwar Bilki ba tare da an tara jama'a ba, zan sa shi a ƙasa. Ummi, abin da malami yake so daga irin wannan takarda kaɗan ne: wace ce ke, wace jarrabawa, wace tambaya, me kika rubuta, me aka rubuta, mece ce hujja. "Na yi karatu dare da rana" ba hujja ba ce, wanda ya samu sifili ma zai faɗa. "Zai jawo min faɗuwa" kuma yana sa takardar ta yi kama da ta masu roƙon a taimaka, waɗanda yake gani kullum a bakin ƙofarsa, sai ya karanta ta da wannan idon. Sannan kada ki ce kuskurensa ne. Ba ki san wa ya rubuta jadawalin ba, ko da kuwa kin sani, lissafin zai faɗa a madadinki. Gwada wannan:

"Ranka ya daɗe, ni ce ɗaliba mai lamba kaza a darasi kaza. Ina roƙon a sake duba min tambaya ta 3 (c) da (d) a jarrabawar tsakiyar zango da aka yi ranar kaza. A (c) na samu 2pq = 2 × 0.85 × 0.15 = 0.255, wato jarirai 2,550, an kuma gyara zuwa 0.225. Da na tara rukunan uku da 2,550 sai na samu 10,000, da 2,250 kuwa 9,700 nake samu. Amsata ta (d) a kan wannan lamba na gina ta, bisa hanyar da aka nuna mana a aji. Mai yiwuwa akwai wasu takardun da hakan ya shafa. Idan akwai abin da ban fahimta ba, zan yi farin cikin a nuna min. Na haɗa da kwafin shafin. Na gode."

Kwafi na ce. Ki je wajen masu fotokwafi ki yi biyu, asalin ya zauna a jakarki sai ya nema. Kada ki ɗora biro ko fensir a kan asalin, ko ɗigo, ko da'ira ce kike son zagaye wurin da ita. Takardar da aka taɓa bayan an raba ta, ta tashi daga hujja ta koma abin zargi.

Nura Ɗan Fagge: Wannan ai lallashi ne Malam. Mutum ya yi kuskure kuma a ce "idan akwai abin da ban fahimta ba"?

Malam Habu: Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ban da haka ma, layin gaskiya ne, ka manta (d)?

Ummi Gwammaja: To Malam wannan ne ya tsaya min. In faɗa masa maganar 0.0170 ɗin ko in yi shiru? Idan na yi shiru ya gyara jadawalinsa da 0.255, amsarsa za ta zama 0.0163, irin tawa, in samu makin (d) duka. Idan na faɗa, wataƙila ya ce to ke ma ba ki samu ba.

Sadiku Kilas-raf: Ki yi shiru. Abin da aka koya miki kika rubuta. Ba aikinki ba ne ki gyara masa darasi, kin je gyaran maki ne.

Anti Bilki: Ni kuma ina ganin yanzu da ta sani, ta sani. Ba sai a takarda ba, amma idan an gama ta tambaye shi a matsayin ɗaliba, "Malam idan an ce ba su da sikila ba sai mun fitar da SS ba?" Malami na gaske daɗi zai ji.

Sadiku Kilas-raf: A rana ɗaya ki nuna wa mutum zamewa biyu? Anti kin daɗe da barin makaranta.

Malam Habu: Ni ba zan yanke miki wannan ba, domin ban san halin mutumin ba, ke kika sani. Abin da zan ce, takardar kamar yadda na tsara ta ba ta yi ƙarya ba, ta ce kin bi hanyar aji. Na yi shekaru ina duba takardun lissafi na WAEC, a can makin hanya daban, makin amsa daban, kuma jadawalin da aka amince da shi ake bi wa kowa. Idan jadawalinsa gajeriyar hanya ya ɗauka, to a kanta ya kamata ya auna ku duka, har da ke. Maganar wacce ta fi daidai kuwa tana da muhimmanci saboda babbar jarrabawa, kuma ya kamata a yi ta kafin lokacin. Ko ke za ki yi ta, ko gobe ne ranarta, wannan kuma ki duba fuskarsa.

Kawu Iliya: Tunda kun dage, ki je da safe kafin a ɓata masa rai, kuma kada ki tare shi a gaban ɗalibai ko a wajen ajiye mota.

Ummi Gwammaja: Salam. Na je yau bayan darasin ƙarfe goma. Ya karanta a tsaye, ya kai wajen 9,700 sai ya zauna, ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya duba, ya ɗauki wayarsa ya danna. Bai ce komai a kan kuskure ba, ya ce dai in gaya wa wakilin aji ya tattaro duk takardun zuwa Laraba. Ya karɓi asalin tawa, na riƙe kwafi. Ban yi maganar 0.0170 ba, akwai wasu malamai biyu a ofis ɗin.

Sadiku Kilas-raf: Madalla. Ki gaya wa wakilin naku ya rubuta lambar duk wanda ya miƙo takarda, kowa ya sa hannu, kuma kowa ya ɗauki hoton tasa kafin ya bayar. A irin wannan tattarawar ne takardu suke ɓacewa.

Anti Bilki: Saura (d). Malam Habu, idan ya mayar da ita 0.0163 ya rubuta a allo, sai a bar aji guda a haka?

Malam Habu: A bari Laraba ta wuce mu ga abin da zai rubuta. Yana iya lura da kansa yanzu da zai sake bin tambayar daga farko. Ummi, idan an dawo da takardun ki turo mana hoton abin da aka sa a gefen (d).